Ma'anar ƙarancin jini na fashewar ƙwayoyi, da yadda ake gane inda suke fashewa

Idan likita ya ce mutum yana da ƙarancin jini, mafi yawan mutane suna ɗauka cewa jiki ne ya kasa yin jini saboda rashin abinci mai gina jiki, ko kuma jinin ne ya zuba ta wani wuri. Akwai hanya ta uku, wadda ita ce ma'anar abin da likitoci ke kira himolisis, wato lalacewar jajayen ƙwayoyin jini tun kafin wa'adinsu ya cika. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120 tana zagaya jiki kafin a kawar da ita, amma ta mai ciwon sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Ɓargo, wanda shi ne masana'antar jini, yana iya ninka aikinsa sau shida zuwa takwas don cike giɓin, saboda haka ƙarancin jini ba ya bayyana sai ɓarnar ta fi ƙarfin abin da ɓargon ke iya mayarwa.

Tambayar da ta fi amfani a nan ita ce inda ƙwayoyin suke mutuwa, domin amsarta ce ke bayyana kamannin ciwon da kuma girman haɗarinsa. A mafi yawan lokuta suna mutuwa ne a wajen jijiyoyin jini, a cikin saifa da hanta, inda wasu manyan ƙwayoyin garkuwar jiki suke haɗiye duk wadda ta tsufa, ko ta ƙage, ko ta zo ɗauke da alamar cewa garkuwar jiki ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Wannan ita ce hanyar da jiki ya saba bi kullum, sai dai a nan aikin ya yi yawa. Himogilobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin ƙwayar, ana warware shi a cikin tsari: a adana ƙarfen da ke cikinsa don a sake amfani da shi, ragowar kuma ta koma bilirubin, wani sinadari mai launin rawaya. Shi ya sa mai wannan nau'i yakan zo da shawara a ido da kumburin saifa, idan kuma abin ya daɗe shekaru yakan samu tsakuwa a matsarmama.

Nau'i na biyu shi ne fashewar ƙwayoyin a cikin jijiya kanta, inda himogilobin ke zubewa kai tsaye cikin ruwan jini. Ana ganin wannan idan an ƙara wa mutum jinin da bai dace da rukuninsa ba, da wasu lokuta na matsanancin zazzaɓin cizon sauro, da kuma masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyi daga lalacewa, idan suka haɗu da abin da ke tayar musu da shi. Himogilobin da ke yawo tsirara guba ne ga ƙoda, don haka hanta tana yin wani furotin mai suna haftogilobin wanda aikinsa shi ne ya damƙe shi ya kai shi inda za a kawar da su tare. Da yake duk wanda ya kama ba ya dawowa, haftogilobin yakan ƙare cikin ɗan lokaci, daga nan sai ragowar himogilobin ta bi ta ƙoda ta fito a fitsari, ya koma ja mai duhu ko kalar shayin da ya ji ganye.

Bari mu ɗauki misalin wani saurayi da aka ba maganin naitirofurantoyin saboda ciwon mafitsara, bayan kwana uku ya dawo da kasala da ciwon baya, idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa ya yi baƙi. An auna PCV ɗinsa, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, aka samu 18 a maimakon kusan 45 na lafiyayyen namiji. Bilirubin ya kai miligiram 4 a kowace desilita, alhali bai kamata ya wuce kusan 1.2 ba, kuma mafi yawansa irin wanda hanta ba ta riga ta sarrafa ba ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin shi ne ke raba shawarar fashewar jini da shawarar ciwon hanta ko toshewar hanyar matsarmama. Bilirubin da ba a sarrafa ba ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma fita a fitsari, don haka ba shi ne ya rina fitsarin saurayin ba. Da aka tsoma tsinken gwaji a fitsarin sai ya nuna akwai jini, amma da aka duba a madubin likita ba a ga jajayen ƙwayoyi ba, wanda ke nufin himogilobin ne zalla, matuƙar babu wata babbar lalacewar tsoka da za ta ba da irin wannan sakamako. LDH, sinadarin da ke fita daga kowace ƙwaya da ta fashe, ya hau sosai, haftogilobin kuwa ya faɗi ƙasa da miligiram 10 a kowace desilita, alhali mizaninsa yana tsakanin 30 da 200.

Saura lissafin retikulosait, wato sababbin ƙwayoyin da ɓargo ya sako waɗanda ba su gama nuna ba, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. A lafiyayyen babba sukan kasance kashi 0.5 zuwa 2.5 cikin ɗari na jajayen ƙwayoyi, amma tunda kaso ne, yana iya yin kama da mai yawa kawai don tsofaffin ƙwayoyin sun ragu. Saboda haka ake gyara shi ta hanyar ninka shi da PCV na majinyaci a raba da 45. Na saurayin ya nuna kashi 3, wanda idan aka ninka da 18 aka raba da 45 zai ba da 1.2 kacal. Wannan ba ya nufin ɓargonsa ya gaza, domin ɓargo yana buƙatar kwanaki kafin ya ɗauki wuta. Bayan mako guda da dakatar da maganin, PCV ya koma 24, retikulosait ya kai kashi 12, wato 6.4 bayan gyara, kuma wannan shi ne martanin da ake nema. Da a ce mai sikila ne jininsa ya faɗi haka kwatsam kuma retikulosait ya kusa ɓacewa, da sai a yi zargin cewa ɓargon ne ya tsaya, abin da ƙwayar cutar fabobairos B19 ta shahara da haddasawa, kuma irin wannan yana iya buƙatar ƙarin jini cikin gaggawa.

A ganina haftogilobin shi ne gwajin da aka fi ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Littattafan ɗalibai sukan nuna kamar faɗuwarsa tana tabbatar da fashewa a cikin jijiya, amma yana faɗuwa ko da a saifa ake ɓarnar idan ta yi yawa. Yana kuma raguwa ga mai tsananin ciwon hanta da jarirai ba tare da wata fashewa ba, sannan yana hauhawa idan akwai kumburi ko cuta a jiki, har ya ɓoye fashewar da ke faruwa. Abin da ya fi nuna cewa a cikin jijiya abin yake shi ne himogilobin a fitsari, ko kuma himosidirin, wato ƙarfen da ya maƙale a ƙwayoyin ƙoda, wanda ke fara fitowa bayan 'yan kwanaki kuma ya ci gaba har bayan fitsari ya washe.

Ƙarancin G6PD gado ne da ke bi ta ƙwayar halitta ta X, shi ya sa ya fi bayyana ga maza, kuma ya yawaita a Najeriya da sauran yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe. Ban da magunguna irin su dafson da firimakwin, kafur da ake sawa cikin kayan jarirai yana tayar da shi, haka ma lalle idan aka shafa wa jariri mai wannan matsala. Wannan matsala ce ake zargi ga saurayin, amma idan aka yi masa gwajin G6PD a cikin wannan mako, sakamakon zai iya fitowa lafiya lau, domin tsofaffin ƙwayoyin da suka fi rashin sinadarin sun riga sun fashe, sababbin kuma suna ɗauke da shi da ɗan dama. Don haka ake rubuta sunan maganin a katinsa a hana shi sake sha, a kuma maimaita gwajin bayan kimanin wata uku.