Daidaiton gini ɗaya a hotunan gaba, gefe da sama

Daidaiton gini ɗaya a hotunan gaba, gefe da sama yana nufin a sa manhajar zana hoto ta ƙirƙirarriyar basira ta fitar da hotuna da yawa na gini guda daga kusurwoyi daban-daban, ba tare da adadin hawa, tagogi, ƙofofi, launi ko siffar rufi sun canza daga wannan hoto zuwa wancan ba. Matsalar ta fito fili ne bayan fitowar Stable Diffusion da Midjourney a 2022, lokacin da masu zanen gine-gine da masu tsara wasannin kwamfuta suka fara amfani da su. Abubuwa biyu aka fi dogara da su: kafaffen iri, wato lambar da ake sa wa a gurbin `seed`, da kuma hoton madogara. Kowannensu yana da iyakarsa, kuma ko an haɗa su biyun ba sa riƙe siffar ginin sai an ƙara musu da abu na uku, wato ƙwarangwal ɗin ginin.

## Abin da iri yake riƙewa

Irin waɗannan manhajoji ba sa fara zane a kan farar takarda. Suna farawa ne da ɗige-ɗige barkatai, kamar allon talabijin da bai kama tasha ba, sannan su riƙa share su mataki-mataki bisa jagorancin rubutaccen umarni har hoto ya bayyana. A Stable Diffusion 1.5, hoto mai fiksel 512 a tsaye da 512 a kwance yana farawa ne daga ƙaramin allo mai 64 a 64 mai shimfiɗa huɗu, wato lambobi 16,384 da aka jefa ba tsari. Iri shi ne lambar da ke yanke waɗanne lambobi ne za su fito. A Midjourney ana rubuta shi da `--seed`, kuma yana karɓar daga 0 zuwa 4294967295.

Saboda haka iri ɗigon farko yake riƙewa, bai san da wani gini ba. Idan aka bar komai yadda yake, za a sake samun hoton nan ɗin. Da zarar an sauya kalmar da ke nuna kusurwa, daga gaba zuwa gefe, manhajar za ta ɗauki ɗigon nan ta sassaƙa wani sabon gini daga cikinsa. Abin da yakan wanzu shi ne rabon haske da duhu a faɗin hoton, da wani lokaci yanayin launi. Wannan ma yakan zama cikas a hoton sama, domin tsarin da ya dace da sararin samaniya a bisa da ƙasa a gindi ba shi ne ake buƙata ba idan kyamara tana kallon rufi.

Akwai kuma abubuwan da ke warware iri ba tare da an taɓa lambarsa ba. Canza girman hoto yana canza girman allon ɗigon, sai lambobin su faɗa wasu gurabe. Canza hanyar sharewa, misali daga `Euler` zuwa `Euler a`, ko canza adadin matakai, yana canza sakamako. Ita `Euler a` da 'yan uwanta suna ƙara sabon ɗigo a kowane mataki, shi ya sa hotonsu ba ya tsayawa wuri ɗaya idan aka ƙara matakai. Haka nan lamba ɗaya ba ta ba da ɗigo iri ɗaya a kan `CPU` da `GPU`. Amfanin iri na gaskiya shi ne a wurin gwaji: yana ba mutum damar sauya abu ɗaya tak ya ga tasirinsa.

## Abin da hoton madogara yake ɗaukowa

Hoton madogara shi ne hoton da aka amince da shi, galibi na gaba, wanda ake ba manhajar ta kalla yayin zana sauran. Hanya mafi sauƙi ita ce `img2img`, inda ake zuba wa hoton ɗigo sannan a sake share shi. A nan akwai tsaka mai wuya: idan ƙarfin sauyi ya yi ƙasa, kamar 0.3, ginin ya zauna amma kusurwa ba za ta motsa ba. Idan ya kai 0.8, kusurwa na iya motsawa amma ginin ya riga ya tafi.

IP-Adapter, wanda masu bincike na Tencent suka fitar a 2023, ya bi wata hanya. Yana rage hoton zuwa fiksel 224 a 224, ya matse shi ya koma alamomi huɗu a nau'insa na asali, ko 16 a nau'in `Plus`, sannan ya shigar da su tare da umarnin rubutu. Wannan matsewar ce ta sa yake kama launin bulo, yanayin fenti da salon firam ɗin taga da kyau, amma ba a dogara da shi wajen ƙirga. Taga biyar ko shida, duk ɗaya suke a wurinsa. Shi kuwa `--sref` na Midjourney salo kawai aka yi shi ya ɗauko.

Bayan wannan akwai iyakar da babu dabarar da ta tsallake ta: hoton gaba ba ya ɗauke da labarin bango na gefe ko rufi. Abin da ba a nuna ba, manhajar ƙirƙiro shi take yi, kuma tana karkata ga abin da ta fi gani a hotunan da aka horar da ita da su, wato fuskar gini. Shi ya sa ake yawan ganin babbar ƙofar shiga ta sake bayyana a gefe.

## Ƙwarangwal

Abin da ke riƙe siffa shi ne gini na ƙarya da aka tayar a manhaja mai fuska uku irin Blender ko SketchUp. Ba ya buƙatar ado, akwatuna ne kawai masu ma'auni daidai. Daga kowace kusurwa ana fitar da taswirar zurfi, hoto mai toka-toka wanda abin da ke kusa yake fari, na nesa yake baƙi, ko kuma zanen layuka. Ana ba da su ta ControlNet, wani ƙari a kan manhajar mai sa zane ya bi siffar da aka ba shi, wanda Lvmin Zhang, Anyi Rao da Maneesh Agrawala na Jami'ar Stanford suka gabatar a 2023. Nau'insa na `depth` yana bin zurfi, `canny` yana bin gefuna, `mlsd` kuma yana bin miƙaƙƙun layuka, abin da ya sa ya dace da gine-gine. Da haka aiki ya rabu uku: ƙwarangwal ya riƙe siffa, madogara ta riƙe kama, iri ya riƙe maimaituwa.

## Misali

A ɗauki bene mai hawa biyu, faɗinsa mita 18, zurfinsa mita 10, tsayinsa mita 7. A fuska yana da tagogi biyar a sama, huɗu a ƙasa da ƙofa a tsakiya. Kowane gefe yana da tagogi uku a kowane hawa. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne mai rawani, da ɗakin matakala a kusurwar baya ta hagu ga wanda ke fuskantar ƙofa. Ana rubuta wannan duka kafin a zana komai, domin shi ne ma'aunin da za a duba kowane hoto da shi.

Wajen tayar da ƙwarangwal, dole a nutsar da tagogi cikin bango, kamar santimita 20. Tagar da ta yi daidai da fuskar bango ba ta fitowa a taswirar zurfi, tunda nisanta da na bangon ɗaya ne daga kyamara, kuma duk inda taswirar ta yi shiru manhajar za ta jera tagogi yadda ta ga dama. Idan ko bayan nutsarwar ba su fito sosai ba, sai a haɗa da zanen layuka. Ana kafa kyamarori uku masu tabarau iri ɗaya: biyu a tsayin idon mutum, ɗaya a sama tana kallon ƙasa a karkace.

Hoton gaba ake fara yi, kuma a nan ne kaɗai ake sakin iri ya yi yawo har a sami wanda ya gamsar. Daga nan a kafe lambar, hoton ya zama madogara. Umarnin rubutu yana da kashi biyu: bayanin ginin, wanda ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa, da guntun da ke faɗin kusurwa. Gara a taƙaita, domin mai karanta rubutu na Stable Diffusion 1.5 alamomi 77 yake ɗauka. A `diffusers`, kundin kayan aikin Python na sarrafa irin waɗannan manhajoji, zana gefe yana iya zama haka:

```python
pipe.set_ip_adapter_scale(0.6)
g = torch.Generator("cpu").manual_seed(41207)
gefe = pipe(umarni, image=zurfin_gefe, ip_adapter_image=gaba,
            controlnet_conditioning_scale=0.9,
            num_inference_steps=30, generator=g).images[0]
```

Layi na biyu sai an maimaita shi kafin kowane hoto. Janaretan `g`, mai fitar da ɗigon, yana ci gaba ne daga inda ya tsaya, don haka idan aka sake amfani da shi ba a sabunta ba, hoto na biyu zai fara da wani ɗigo dabam duk da lambar ba ta canza ba.

Ga wanda ya tsaya a gefen dama na ginin, fuskar ginin tana hannunsa na hagu, baya kuma na dama, don haka ɗakin matakala zai leƙo daga can nesa ta dama. Idan ya fito ta hagu, an juya ginin. Idan ƙofa ta bayyana, madogara ta fi ƙarfin ƙwarangwal, sai a rage ta zuwa wajen 0.4, ko a yanko wani ɓangare na bangon gaba da ba shi da ƙofa a ba da shi a matsayin madogara.

Hoton sama ya fi ba da wahala, domin mafi yawan abin da ke cikinsa rufi ne, wanda madogara ba ta taɓa gani ba. Idan aka bar ƙarfinta yadda yake, launin bango kan malale a kan rufin, wani lokaci har da siffar tagogi. Ana rage ta sosai, a bayyana kayan rufin a rubuce, sannan a gyara bangon da ke bayyane daga baya ta hanyar `inpainting`, wato a rufe sauran hoton a sake zana wurin kaɗai.

## Dubawa da iyaka

Ana jera hotunan uku a ƙirga: hawa, tagogin kowane bango, gurbin ƙofa, gurbin ɗakin matakala. Sannan a auna. A kallon gaba kai-tsaye faɗi ya kamata ya ninka tsayi kusan sau biyu da rabi, 18 a kan 7, a gefe kuma bai kai ɗaya da rabi ba. Ɗora zanen layuka a kan hoton da aka gama yana nuna duk wata kaucewa nan take.

Inuwa ce aka fi mantawa da ita, domin taswirar zurfi ba ta ɗauke da haske. Idan a hoton gaba rana tana bayan mai kallo ta damansa, bangon dama zai kasance cikin haske, inuwa kuma a hoton sama za ta faɗa baya ta hagu. Manhajar ba ta san wannan ba sai an faɗa mata a kowane hoto, ko an fara da hoton ƙwarangwal mai haske ta `img2img`.

Ƙananan abubuwa kamar jerin bulo, sandunan baranda da rubutun allo suna ci gaba da sauyawa ko da komai ya tafi daidai. Idan ana buƙatar hotuna da yawa, akan horar da LoRA, wato ƙaramin ƙari da ke koya wa manhajar kamannin abu ɗaya, a kan hotunan da aka riga aka tace, kodayake shi ma yakan haddace kusurwar da ta fi yawa a cikinsu. Akwai manhajojin da aka gina musamman don kallo daga fuskoki da yawa, irin Zero-1-to-3 da MVDream na 2023, amma an horar da su ne galibi a kan ɗaiɗaikun kayayyaki marasa mahalli, kuma hotunansu ƙanana ne, fiksel 256 a 256, wanda bai isa a ƙirga tagogin babban gini da tabbaci ba.