Asusun ƙananan kashe-kashe: me ake rubutawa ranar cike shi?

Tambaya: Maigidana ya ba ni riyal 2,000 don ƙananan hidimomin ofishinmu na aika kaya a Jidda. Yaya zan shigar da su a littafi?

Wannan shi ne abin da akantocin Saudiyya suke kira uhda. Ranar da aka fitar da kuɗin daga banki, ana rubuta riyal 2,000 a ɓangaren hagu na asusun uhda, wato madin, sannan a rubuta irinsu a ɓangaren dama na asusun banki, wato da'in. Ba a kashe ko halala ɗaya ba tukuna, domin kuɗin sun koma akwatin da ke hannunka ne kawai.

Tambaya: Duk abin da na saya sai na rubuta shi a babban littafi?

A'a. Takardar shaidar biya za ka cike, mai kwanan wata da adadi da dalili da sa hannun wanda ya karɓa, ka maƙala mata fatura, wato rasit ɗin da mai kaya ya ba ka. Duk lokacin da aka buɗe akwatin, tsabar kuɗi da takardu su haɗu su ba da 2,000.

Tambaya: Yau saura riyal 415, amma takarduna 1,575 suka kama. Nawa zan nema?

Za ka nemi 1,585, wato abin da zai mayar da akwatin 2,000 daidai. Mu ɗauka takardun sun nuna 640 na dako, da 475 na gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da 460 na takarda da tawada, wanda a cikinsa 60 harajin kayan masarufi ne na kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020. A ɓangaren hagu za a rubuta dako 640, gyara 475, kayan rubutu 400, harajin da aka biya 60, sai giɓin kuɗi 10. A dama kuma banki 1,585. An ware 60 ɗin ne bisa zaton ofishinku yana da rajistar haraji kuma faturar ta haraji ce, in ba haka ba sai a bar 460 ɗin gaba ɗaya a kayan rubutu.

Ka lura cewa asusun uhda bai fito a wannan shigarwar ba, kuma nan ne sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe. Wanda ya rubuta 1,585 a hagun uhda zai ga littafi yana nuna 3,585 alhali 2,000 ne a akwati, kuma ribar watan za ta kumbura tunda ba a rubuta abin da aka kashe ba. Ana taɓa asusun ne kawai idan maigida ya ƙara ko ya rage adadin.

Riyal 10 kuwa, sau da yawa kuskuren canji ne. Amma idan giɓin yana maimaituwa duk wata, a sa wani dabam ya ƙirga akwatin ba tare da sanarwa ba.