Fashin baƙi: yadda yaro ɗan shekara goma ke tsallake shingen shekaru a intanet

Kwanakin baya na je Farm Centre gyaran waya. Ina zaune a kan benci ina jira, sai ga wani yaro da bai fi ɗan aji shida na firamare ba, riƙe da wata kwancen waya da yayansa ya bar masa, yana so a buɗe masa akawun. Mai shagon ya karɓa ya hau danne-danne, har ya iso inda ake tambayar ranar haihuwa. Ko ɗago kai bai yi ba, balle ya tambayi yaron. Ya sa babban yatsa ya murza jerin shekarun, ya tsayar a 2000, ya wuce. Na ce, "Malam, ai ka mayar da shi magidanci." Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, in na sa ta gaskiya ba zai buɗe ba, kuma gobe ni zai dawo wa."

Wannan akwatin da ya murza ba don ado aka sa shi ba, doka ce ta haife shi. A 1998 Amurka ta yi wata doka mai suna COPPA, wadda ta hana kamfanonin intanet tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da yardar iyayensa. Neman yardar iyaye aiki ne mai cin kuɗi, don haka yawancin kamfanoni suka zaɓi hanya mai sauƙi: suka rubuta a ƙa'idojinsu cewa sai ɗan 13 zuwa sama, suka ajiye akwatin tambaya a bakin ƙofa. Daga nan 13 ɗin da kake gani a Facebook, Instagram da TikTok ta samo asali. Kuma dokar ta fi kama kamfanin da ya san tabbas yaro ne yake amfani da shi. To wanda bai bincika ba, me ya sani? Ashe akwatin ya fi kare kamfanin a gaban hukuma fiye da yadda yake kare yaron.

Ƙaryar nan kuma tana girma tare da mai ita, wannan ne abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. A ce yarinya tana da shekara 10 a 2020, ta ƙara uku kawai don ta kai 13. Manhajar za ta ci gaba da lissafi daga nan. A 2025 yarinyar tana da 15 a gida, a wajen manhaja kuwa ta cika 18. Duk wani takunkumin da aka tanadar wa yara, kamar hana baƙo turo mata saƙo ko tace bidiyon da ake nuna mata, sai ya kwance da kansa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A 2022 hukumar Ofcom mai kula da harkokin sadarwa a Birtaniya ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na yara 'yan 8 zuwa 17 masu akawun a shafukan sada zumunta, shekarun manya ne a rubuce a akawun ɗinsu.

Mu ma muna da tamu dokar. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ce a sashe na 31 duk mai sarrafa bayanan yaro sai ya nemi yardar iyaye ko mai riƙonsa, kuma ya bi hanyar da ta dace don tantance shekarun yaron da kuma yardar iyayen, gwargwadon fasahar da ake da ita. Ta kuma ce nuna katin shaida na gwamnati yana cikin hanyoyin da suka dace. Yaro a nan shi ne wanda bai kai 18 ba.

A takarda, kati ya fi baki ƙarfi. Amma mu da muke garin nan mun san yadda shekaru ke shiga kati. Mutane da yawa ba a yi musu rajistar haihuwa ba, sai da buƙata ta taso suka je kotu suka yi takardar rantsuwar shekaru, ranar da suka faɗa ita aka rubuta, ita kuma ta bi su har cikin lambar NIN. Shi ya sa masu 1 ga Janairu suka yi yawa. Wani ya rage don aikin ɗamara, wata an ƙara mata don jarrabawa. Ko da katin daidai yake, shekarun mai katin yake nunawa, bai san hannun wa yake ba. Katin Baba yana aljihun rigar da ke rataye a ƙusa, ɗaukar hotonsa bai kai minti ɗaya ba. Sannan akwai haɗarin tara katunan mutane a wuri guda: a watan Oktoban 2025 kamfanin Discord, mai manhajar hira a intanet, ya sanar cewa mai yiwuwa hotunan katin shaidar mutane kusan 70,000 sun fita, bayan an kutsa wa wani kamfani da ke yi masa aikin sauraron koken jama'a. Kalmar sirri in ta fita a canja ta. Fuska da ranar haihuwa fa?

Wannan ya sa aka karkata ga kintacen shekaru ta fuska, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a fahimta. Birtaniya ta fara tilasta tantance shekaru a shafukan batsa da makamantansu ranar 25 ga Yuli, 2025, ta kuma ce faɗar shekaru da baki ba ya cikin lissafi. Ostareliya ta haramta wa waɗanda ba su kai 16 ba mallakar akawun a manyan shafukan sada zumunta daga 10 ga Disamba, 2025. A ƙasashen biyu, kamara na cikin manyan hanyoyin da kamfanoni suka runguma.

Ga yadda abin yake. Manhajar ba ta san ko kai wane ne ba, ba kuma sunanka take nema ba. An nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa na mutanen da aka san shekarunsu, har ta koyi irin yanayin fata, kumatu, haɓa da kewayen ido da ke tafiya da kowane zango na rayuwa. In ka tsaya gaban kamara, za ta ce ka juya kai ko ka buɗe baki don ta tabbatar mutum ne ba hoto ba, sannan ta fitar da lamba. Abin da kakarka take yi ne in ta kalli baƙuwa ta ce, "Wannan ba ta wuce sha bakwai ba." Kintace ne, kuma kintace yana da kuskure.

Kuskuren nawa ne? Cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka ta gwada irin waɗannan manhajoji, ta fitar da rahoto a 2024. A kan hotunan neman biza, waɗanda ake ɗauka cikin haske mai kyau, fuska na kallon gaba, matsakaicin kuskuren mafi gwaninta a cikinsu ya sauko daga shekara 4.3 a 2014 zuwa 3.1. An ci gaba, babu musu. Wasu kamfanonin ma suna cewa nasu kuskuren ya fi haka ƙanƙanta a kan matasa. Amma matsakaici sunansa matsakaici: wani za a dace da shekarunsa cif, wani a kauce da biyar. Ita kuwa doka layi ɗaya ta ja. Jiya kana 17, yau kana 18, fuskarka kuma ba ta canja a daren ba. Na'urar ba ta ruɗewa tsakanin ɗan shekara 8 da ɗan 40, sai dai dama waɗannan ba su ne matsalar ba. Inda take tuntuɓe shi ne tsakanin 15 da 20, daidai inda ake buƙatarta.

Mu ɗauki misali da gida ɗaya. Akwai saurayi ɗan 16, dogo, gemu ya fara tsirowa. Akwai yayarsa 'yar 21, tana jami'a, ƙaramar fuska gare ta. A ce na'ura ta kauce da shekara uku a kan kowannensu: shi ta ba shi 19, ita ta ba ta 18 ko ƙasa kaɗan. In shingen yana kan 18, ƙanin ya wuce fes, yayar tana iya makalewa. Don toshe wannan, kamfanoni sukan ɗaga shingen, su ce sai wanda na'ura ta ba 23 ko 25 zai wuce kai tsaye, kamar yadda masu shaguna a Birtaniya suke tambayar duk wanda bai yi kama da ɗan 25 ba kati kafin su sayar masa da giya. Yanzu an tare ƙanin, madalla. Amma yayar da duk sa'anninta sun faɗa cikin waɗanda za a ce su kawo kati, mun koma kan matsalar da aka gudo. Ka sassauta yara su wuce, ka tsananta manya su maƙale, babu inda za ka ajiye layin ka tsira daga duka biyun.

Kuma kuskuren bai rabu daidai a kan kowa ba. Gwajin NIST ya nuna yawanci ya fi yawa a fuskokin mata, yana kuma bambanta da yankin da aka haifi mutum, har sa tabarau yana canja lambar. Ka haɗa wannan da yanayinmu: an ɗauke wuta, ɗaki da duhu, kamarar gaba ta ƙaramar waya ta dushe, baƙar fata a ƙarƙashin hasken tocila. Ga kwalliya da ke ƙara wa yarinya shekaru. Ga mai niƙabi da za a ce sai ta buɗe fuska ga wani kamfanin da ba ta san inda yake ba, da yawansu kuwa za su gwammace su haƙura.

Masu wayo kuwa ba su ɓata lokaci ba. A makon da dokar Birtaniya ta fara aiki, manhajojin VPN, masu sa waya ta bayyana kamar daga wata ƙasa take, suka hau saman jerin waɗanda aka fi saukewa. Wasu kuma suka nuna wa kamara fuskar wani mutumin cikin wasan bidiyo da ake iya sa shi ya buɗe baki ya juya kai, aka kuma bar su suka wuce.

Ni dai a ganina babban giɓin a wajenmu bai ma kai ga wannan dabara ba. Duk hanyoyin nan an gina su ne a kan zaton mutum ɗaya, waya ɗaya, akawun ɗaya. A gidajenmu da yawa wayar ta Umma ce, layin da NIN ɗin Baba aka yi masa rajista, datar kuma Yaya ne ya sa. Tantancewar sau ɗaya ake yin ta, a bakin ƙofa. Umma za ta kalli kamara da rana, na'ura ta ba ta shekara 40, ta kuma yi gaskiya. Bayan isha'i ta ajiye wayar a caji ta shiga ɗaki, autanta ɗan shekara tara ya zare ta, akawun ɗin kuma yana nan a buɗe da shekarunsa 40.