Kilinik ɗin ƙungiya da karɓar kuɗi: abin da dokar 1984 ta hana

Tun da aka ji wata ƙungiya za ta buɗe kilinik a unguwarmu a nan Damagaram, kuma ganin likita zai kama sefa 2,500, magana ta cika fada da gidajen suna. Wasu na cewa doka ta haramta wa ƙungiyar da ba ta neman riba ta karɓi ko dala. Wasu kuma sun ce ai gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi, saboda haka wannan zamba ce.

Zancen ragin ba ya da tsawo. Ragin kashi 50 cikin 100 da ya soma aiki ranar 1 ga Satumba 2024 na asibitocin gwamnati ne. Haka kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, wadda ake yi tun 2006, da kyautar aikin ciro jariri: gwamnati ce ke da alhakin biya wa asibiti kuɗin daga baya. Kilinik mai zaman kansa da bai ƙulla yarjejeniya da ita ba, babu mai biya masa.

Inda ake ruɗewa shi ne kalmar riba. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 ta ce ƙungiya haɗuwar mutane ce a kan wata manufa wadda ba rabon riba ba. Rabon aka hana. Karɓar kuɗin aiki ba laifi ba ne, kuma in an rufe lissafin shekara aka ga saura, shi ma ba laifi ba ne, muddin ya koma cikin aikin: a sayi magani, a ƙara gado, a gyara firijin allura. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mambobi su zauna su kasafta shi kamar abokan kasuwanci. Mai son haka sai ya yi rajistar kamfani, ya biya lamho irin na kowa.

Ga misali da lissafi. A ce kilinik na cin sefa 1,200,000 a wata, tsakanin albashi, haya, wuta, ruwa da kayan aiki, kuma mutum 600 ke zuwa. Kowane kai ya tashi 2,000 ke nan. Ƙungiya ta ce mutum ɗaya cikin huɗu, wato 150, marasa hali ne, 500 kawai za su biya. Giɓin da suka bari, 225,000, in an raba shi kan sauran 450, kowa ya ƙara 500. Daga nan 2,500 ta fito. Ɗan kasuwar Dole da ya biya ta, ya ɗauke wa wata gwauruwa kashi ɗaya cikin uku na rangwamenta, bai sani ba.

To, a bar ƙofar rangwame a buɗe, kowa ya zo da takardar mai unguwa, masu rangwame su kai 250. Abin da zai shiga 1,000,000 ne, an rasa 200,000 duk wata. Ba a albashi ake fara gani ba. A kantar magani ake gani: yau babu maganin zazzaɓi, gobe a miƙa maka takarda ka tafi farmasi. Shi ya sa tsarin kirki ke rubuta wa ya cancanta, wa ke tantancewa, da iyakar adadin da za a ɗauka a wata.

Albashi ba riba ba ne. Ungozoma da mai gadi sai an biya su. Amma a nan ne dokar take da sako-sako a ganina, domin mai wayo ba ya kiran rabonsa riba. Shugaban ƙungiya ya ba kilinik hayar gidansa ninki uku na kuɗin unguwa, ko a riƙa sayen magani wurin ƙanensa babu rasit. A takarda babu rabo, a aljihu an raba. Ƙungiyar da ta kauce wa manufarta hukuma na iya rusa ta, sai dai kafin a kai nan marasa lafiya sun daɗe suna biya.

Saboda haka wanda ke shakka, maimakon ya tsaya kan farashi, ya nemi ganin takardu biyu: izinin ƙungiya daga ma'aikatar cikin gida, da izinin buɗe kilinik daga ma'aikatar lafiya, don na farko ba ya wadatar da na biyu. Sa'an nan ya tambaya gidan na wane ne, kuma nawa ake biyan haya.