Wasiƙa ga ɗalibai: me ya sa madaukinku yake lilo idan an ƙara K?

Ya ku ɗalibaina, ina gaishe ku.

Saƙonnin da na samu bayan darasin kwamfuta na makon jiya kusan duk koke ɗaya suke ɗauke da shi: kun ƙara lambar da ke cikin akwatin `Gain`, wato ninkin da muke kira K, sai layin da ke kan allo ya fara hawa da sauka, har wasu suka ce manhajar ce ta lalace. Manhajar lafiyarta ƙalau. Abin da kuka gani ya girme ta da kusan ƙarni biyu, kuma zan fara da tarihinsa domin kowace dabarar da za ku yi amfani da ita an haife ta ne a kan wannan matsala.

A 1788 James Watt ya ɗora wa injinsa na tururi wata na'ura mai ƙwallaye biyu masu juyawa. Idan inji ya yi sauri, ƙwallayen su buɗe su rage tururi. Idan ya yi sanyi, su rufe su ƙara. Da tafiya ta yi tafiya, injuna suka ƙara gudu, maƙera kuma suka sa na'urar ta fi saurin jin canji, sai wasu injuna suka daina tsayawa a kan gudu ɗaya. Su zarce, su dawo, su sake zarcewa. Injiniyoyin lokacin suka ce injin yana "farauta". Ku lura da wannan: gyaran da aka yi don a ƙara daidaito shi ne ya kawo lilon, kamar yadda ya faru da ku.

James Clerk Maxwell ne ya mayar da abin lissafi a 1868. Ya nuna cewa amsar tana cikin saiwoyin lissafin tsarin: matuƙar ɓangaren gaske na kowace saiwa yana ƙasa da sifiri, lilo zai mutu da kansa. Ya warware sharaɗin ga lissafi mai daraja ta uku, ya bar wa masana lissafi sauran. Edward Routh ya kawo cikakkiyar hanya a 1877, sannan Adolf Hurwitz ya iso ga irin wannan sakamako ta tasa hanyar a 1895, bayan Aurel Stodola, mai aiki a kan injunan ruwa, ya kai masa tambayar.

Bari mu gwada aikinsu a kan namu tsarin, mai matakai uku a jere, kowanne da jinkirin daƙiƙa ɗaya:

```
G(s) = K / (s + 1)^3
s^3 + 3s^2 + 3s + (1 + K) = 0
```

Layi na farko shi ne tsarin kansa, na biyu kuma lissafin madaukin bayan an rufe shi, wato bayan an mayar da abin da ya fita ana debe shi daga abin da ake nema. Ga daraja ta uku, sharaɗin yana da sauƙi: lambobi biyu na tsakiya idan an ninka su dole su fi na gefe biyu idan an ninka su. Wato 3 × 3 ya fi 1 + K, ke nan K ya kasance ƙasa da 8.

Na san abin da ya ja ku zuwa sama. A wannan tsarin, kuskuren da ke saura bayan komai ya lafa shi ne 1/(1 + K). A K = 1 rabin abin da kuke nema kawai kuke samu. A K = 4 kuskuren ya sauko zuwa kashi 20 cikin ɗari, a K = 7 zuwa kashi 12.5. Kowa zai so ya ci gaba. Amma kuɗin da ake biya yana wani wuri: a K = 4 layin yana ɗan lilo ya lafa, a K = 7 yana daɗewa ƙwarai kafin ya lafa, a K = 8 ba ya lafawa sam, a K = 10 kuwa faɗin lilon yana ninkuwa kusan kowace daƙiƙa 9.

Lissafin Routh ya gaya mana iyaka, amma bai nuna wa ido dalili ba. Dalilin ya fito fili ne daga masu aikin tarho. A 1927 Harold Black na Bell Labs ya gano cewa idan aka mayar da wani kaso na abin da amfilifaya ta fitar aka debe shi daga abin da ke shiga, murya za ta fito tas. Sai dai da an tsananta, amfilifayar takan kama kuka ita kaɗai. Harry Nyquist ya bayyana dalilin a 1932, Hendrik Bode kuma ya mayar da shi zane-zanen da kuke yi a yau.

Ga bayanin a kan tsarinmu. Ku buɗe madaukin, ku shigar da sigina mai hawa da sauka. Kowane mataki yana jinkirta shi, kuma jinkirin yana ƙaruwa da saurin siginar. A saurin sigina ω = √3, wato kusan radiyan 1.73 a daƙiƙa, kowane mataki yana jawo jinkirin digiri 60 yana kuma rage girman siginar zuwa rabi. Matakai uku sun ba da digiri 180 da kashi ɗaya cikin takwas na girma. Jinkirin digiri 180 na nufin siginar ta kife, inda take sama ta koma ƙasa. Idan ta iso mahaɗar da ake debewa, debe kifaffen abu daidai yake da ƙarawa. Gyaran ya iso a makare har ya zama turi, tamkar mai tura lilo da ke sa hannu daidai lokacin da lilon zai tafi. Abin da ya rage shi ne ƙarfin turin. Idan K bai kai 8 ba, siginar tana dawowa ƙarama a kowane zagaye, ta mutu. A 8 tana dawowa yadda ta tafi. Sama da 8 tana dawowa ta fi da.

Ku lura cewa K bai ƙara jinkirin ko da digiri ɗaya ba. Jinkirin yana nan tun farko. Shi ya sa tsari mai mataki ɗaya ko biyu irin waɗannan ba ya kufcewa komai girman K, don jinkirinsa ba ya cika digiri 180. A kan takarda ke nan. Na'urar gaske kullum tana da wani ɓoyayyen jinkiri a ma'auninta ko a motarta.

Wannan bayani yana da shaidar da za ku iya aunawa. A K = 8, tazarar da ke tsakanin ƙololuwa biyu ta zama 2π/√3, kusan daƙiƙa 3.63.

Saura ku da kuka rubuto cewa naku ya kufce tun a K = 6. Ba Routh ne ya yi kuskure ba. Kun rubuta lissafin da hanyar Euler mai sauƙi, da taku mai faɗin daƙiƙa 0.1. Wannan hanya tana hasashen gaba da gangaren da ya riga ya wuce, don haka tana cusa nata jinkirin cikin madaukin. Da wannan taku iyakar tana saukowa zuwa kusan 5.5, da taku 0.01 tana komawa kusan 7.65. Gwajin da zai raba gardama shi ne ku rage takun ku sake gudanarwa. Idan lilon ya canza hali, daga hanyar lissafin ya fito. Idan bai motsa ba, na tsarin ne.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya gudanar da K = 4, 7, 8 da 10, da taku 0.1 sannan da 0.001, ya rubuta tazarar ƙololuwa a kowanne, ya zo da zanen.

Na gode,
Malaminku.