Midiyeshan da modareshan a binciken ƙididdiga

Midiyeshan da modareshan hanyoyi biyu ne na nazarin abu na uku da ke shafar alaƙar sanadi da sakamako. Midiyeshan yana tambayar ta wace hanya sanadin ke kaiwa ga sakamakon, kuma abin da ke tsakiyar hanyar shi ne tsani. Modareshan kuwa yana tambayar a wane yanayi tasirin ke ƙarfi ko rauni, abin da ke sauya ƙarfin kuma shi ne sharaɗi. Maƙalar da Reuben Baron da David Kenny suka buga a 1986 ce ta fi yaɗa wannan bambanci tsakanin masu bincike.

A ɗauki misalin taki da masara, da alƙaluman da aka ƙaga don bayani kawai. X shi ne yawan buhunan taki a kowace hekta, Y kuma buhunan masarar da aka girbe. A ce an auna gonaki da dama, aka ga kowane ƙarin buhun taki yana ƙara buhu 4 na masara.

Mai neman tsani zai ce taki yana bunƙasa ganye, ganyen kuma shi ke haɗa abincin da ke cika zangarniya. Don haka sai ya auna faɗin ganye, M, a tsakiyar damina, ya yi lissafi biyu:

```
M = i1 + aX
Y = i2 + c'X + bM
```

Idan buhun taki ɗaya yana ƙara maki 2 a ma'aunin ganye, a ya zama 2. Idan kowane maki na ganye yana ƙara buhu 1.5 tsakanin gonakin da takinsu ɗaya ne, b ya zama 1.5. A ninka su, an sami 3: wannan ne tasirin da ya bi ta ganye. Ragowar buhu 1, wato c', ya bi ta wasu hanyoyin da ba a auna ba. A da ana tabbatar da wannan ninki da gwajin Sobel na 1982. Yanzu an fi sake ɗibar samfuri daga bayanan da ke hannu, sau 5,000 misali, a fitar da tazarar amincewa, wato iyakokin da ake sa ran ainihin ninkin yana tsakaninsu, a duba ko sifili ya faɗa cikinta; idan bai faɗa ba, tasirin ya tabbata.

Mai neman sharaɗi tambayarsa daban ce. Ya san taki ba ya amfanar shuka sosai a busasshiyar ƙasa, sai ya kawo W, ya ba gonakin da suka yi ƙamfar ruwa 0, waɗanda suka wadata 1. Lissafinsa ɗaya ne, amma da ninkin X da W a ciki:

```
Y = b0 + b1X + b2W + b3XW
```

A ce b1 ya fito 2, b3 ya fito 4. A gonar da ta yi ƙamfar ruwa buhun taki yana ƙara buhu 2 kacal, a wadda ta wadata kuma 2 da 4, wato 6. Ashe buhu 4 na farko ya ɓoye halaye biyu ne a cikinsa. Taki ba ya sa a yi ruwan sama, kuma ba a bukatar ya sa. Tsani dole sanadi ya motsa shi, sharaɗi kuwa yana iya zama ba ruwansa da sanadin, galibi ma ya riga shi samuwa.

Wajen fassara ne aka fi tuntuɓe, kuma midiyeshan ya fi haɗari. Ko da ƙuri'a aka raba taki, ai ba ƙuri'a ce ta raba faɗin ganye ba. Ƙasa mai albarka tana iya ba da ganye mai faɗi da zangarniya mai nauyi a tare, sai b ya kumbura da abin da ba aikin ganye ba ne. Wanda ya auna taki, ganye da amfani duk a rana ɗaya kuma, ba shi da hujjar cewa wannan ya riga wancan. Lissafin zai fitar da lamba ko da an juya tsarin baibai, shi ya sa hujjar tsarin dole ta fito daga ilimin shuka da lokacin awo.

A modareshan kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar b1 a matsayin tasirin taki gaba ɗaya, alhali tasirinsa ne inda W yake sifili. Da an auna ruwa da milimita, b1 zai zama tasirin taki a gonar da ko ɗigo bai sauka ba, don haka ake cire matsakaicin ruwan daga kowane awo tukuna, domin b1 ya zama tasirin taki a gonar da ta sami matsakaicin ruwa. Haka nan ganin tasiri ya tabbata a rukuni ɗaya bai tabbata a ɗayan ba bai isa hujja ba. Abin gwadawa shi ne b3 kansa, kuma gano shi yana bukatar gonaki masu yawa fiye da gano tasirin taki shi kaɗai.