Yaro ya haɗiye kwandala ko maɓalli: me za a yi?

Ɗana ya haɗiye kwandala, zai mutu ne?

A'a, Maman yaro, kwantar da hankalinki. In yana numfashi daidai, yana haɗiye yawu, yana shan ruwa, yawanci abin ya riga ya sauka ciki, kuma zai fito a bayan gida cikin kwana 4 zuwa 6.

In ba shi man ja ya amayar?

A'a. Ba man ja, ba ruwan gishiri, ba cusa yatsa a maƙogwaro, ba ɗura masa tuwo wai ya tura abin. Sau nawa za mu faɗa? Amai na iya dawo da abin ya toshe hanyar numfashi, mai kuwa in ya shiga huhu wata cutar ce daban.

Yana tari, idonsa ya yi ja.

In tarin da ƙarfi, bar shi ya yi. In kuwa murya ta ɗauke, ba kuka ba tari, leɓe ya fara sauya kala, abin ya toshe hanyar numfashi, ki fara taimaka masa nan take kafin neman mota. Jaririn da bai kai shekara ba, kifa shi a kan hannunki, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji sau 5. Wanda ya haura shekara, bugun baya 5, sai ki rungumo shi ta baya ki matsa saman cibiya ciki da sama sau 5. Ki yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa.

Yana ta wasansa lafiya lau, asibiti kuma da nisa. In jira ko in tafi?

To, nan ba ni da amsa guda. Ya danganta da abin da ya haɗiye, da kuma ko da idonki kika gani.

In akwai ko da ɗan zaton batirin agogo ne, mai faɗin nan kamar kwabo da ke cikin rimot, fitilar wasa ko makullin mota, ki tashi yanzu ko tsakar dare ne. Idan ya maƙale a hanyar abinci yana fara ƙona nama cikin awa 2, alhali yaron yana iya zama yana dariya. In ya wuce shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a kai awa 12 ba, ki riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10, har sau 6, a kan hanya. Zumar rage ƙuna take yi kawai, kada ki tsaya nemanta. Mayen ƙarfe ma in ya kai biyu ki tashi yanzu, domin suna kama juna su matse hanji har ya huje. Allura, ƙusa da fil ma ba a jira.

In kin tabbata ƙaramin maɓallin riga ne ko ɗan dutsen ado mai santsi, yaro na ci yana sha, ana iya sa masa ido a gida. Kwandala kuwa ni na fi son a yi hoto, musamman in yaron ƙarami ne ko faɗinta ya haura santimita 2.5, don tana iya tsayawa a hanyar abinci ba tare da wata alama mai ƙarfi ba.

Ɗauki misalin yarinya 'yar shekara biyu. Yayarta ta ce ta ga ta sa kuɗi a baki da safe. Tana wasa, amma ta ƙi kunu, gaban rigarta sharkaf da yawu. Wannan yawun shi ne alamar: abin bai sauka ba. A hoto za a duba ko da'ira ɗaya ce, wato kwabo, ko zobe biyu ɗaya cikin ɗaya, wato batir. In kwabo ne ana ciro shi da na'ura ta baki, kada ya wuce awa 24 a wurin. Tun da har yawu ya gagare ta haɗiya, ba ma za a kai haka ba. In batir ne, nan take.

An yi hoto ba a ga komai ba.

Roba da katako yawanci ba sa fitowa a hoto. In alamu na nan, ki gaya wa likita ainihin abin, ki tafi da irinsa in akwai.

In ba shi maganin wankin ciki?

A'a. Abincinsa na kullum. Ya riƙa yi a fo, ki tona da tsinke ki duba.

Mun yi sati ba mu gani ba.

Sau da yawa ya fita ba ku lura ba, wani lokacin kuma kwabo yakan yi mako 4 a ciki. Ku koma a sake hoto. Amma ciwon ciki, kumburi, amai, zazzaɓi, jini ko baƙin kashi, ko tarin da ya ƙi tafiya da numfashi mai fito, don Allah kada ku kwana da shi a gida.